Takardar da ke raka mai ciwon waswasi zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa

Akwai wata takarda da ake bai wa marar lafiya idan asibitin da yake zuwa ya ga aikin ya fi ƙarfinsa. A ƙauyukanmu ana ce mata takardar turawa, wasu kuma su ce kawai "an rubuta mu Kano". Mai ita yakan ninke ta huɗu ya sa a aljihu, ko mace ta ƙulle ta a leda tare da katin asibiti, ba tare da an san me ke ciki ba, tunda da Turanci ake rubutawa. Na ga irin waɗannan takardu da yawa, kuma mafi yawansu layi biyu ne: ga mata nan tana da matsalar ƙwaƙwalwa, a duba ta. Irin wannan ba ta da bambanci da a ce wa mutum tafi kawai. Ina so in warware wa mai karatu takarda guda ɗaya da na rubuta a kan wata baiwar Allah mai ciwon waswasi, daga wani ƙauye a Jigawa, domin a ga abin da ya kamata ta ƙunsa da dalilin kowane layi. Na sauya wasu bayanai don kada a gane ta, kuma abin da na rubuta da Turanci zan faɗe shi a nan da Hausa.

Shekarunta 28, 'ya'yanta huɗu, na ƙarshen yana da wata takwas. Ba don waswasi ta fara zuwa wurina ba. Hannuwanta ta kawo, sun tsattsage tun daga yatsu har wuyan hannu, wasu wuraren suna tsattsafo da jini. Na ba da man shafawa, ta dawo bayan mako uku babu sauƙi. A zuwa na biyun ne mijinta, wanda ke tsaye a bakin ƙofa, ya ce, "Likita, ai hannun nan ba zai warke ba, ba ya fita daga ruwa." Daga wannan maganar aka ɗauko bakin zaren.

Layin farko na takardar, bayan suna da shekaru da gari, shi ne dalilin turawa, kuma a jimla ɗaya: ina zaton ciwon waswasi ne da ya tsananta bayan haihuwa, ga alamun ciwon damuwa sun fara biyo baya, ina neman a gan ta cikin mako biyu. Likitan da zai karɓi takardar a Kazaure ko a Dawanau ko a Asibitin Malam Aminu Kano yana da layin mutane a gabansa. Idan bai san daga farkon shafi ko wannan ta gaggawa ce ko mai iya jira ce ba, sauran rubutun bai yi amfani ba.

Bayan nan sai bayanin ciwon, kuma a nan ne yawancin takardu ke faɗuwa. Idan na rubuta "tana yawan wanke hannu", ban ce komai ba, domin duk mai goyo tana yawan wanke hannu. Ciwon waswasi yana da ƙafa biyu. Akwai tunanin da ke faɗo wa mutum a rai ba da sonsa ba, ya yi ta dawowa yana tayar masa da hankali. Akwai kuma aikin da yake yi don ya samu sauƙin wannan tashin hankalin, wanda yake kwantar da shi na ɗan lokaci, sannan tunanin ya dawo da ƙarfin da ya fi na da. Dole takarda ta nuna kowace ƙafa daban. A wurin wannan matar, tunanin shi ne fitsarin yaro ya taɓa ta, ya taɓa zani, zanin ya taɓa tabarma, tabarmar ta taɓa ƙafar mai shigowa, saboda haka gidan gaba ɗaya najasa ne, sallar kowa ba ta inganta ba, kuma alhakin yana wuyanta. Aikin kuma shi ne wanki da maimaita alwala da tambaya.

Sai kuma awo. Likitocin ƙwaƙwalwa suna ɗaukar abin ya zama ciwo idan yana cin fiye da awa ɗaya a rana, ko yana hana mutum harkokinsa. Matar ƙauye ba ta duba agogo, saboda haka tambayar "awa nawa" ba ta kawo amsa. Sai na tambaye ta da abin da take lissafi da shi. Yaushe take fara alwalar Asuba? Da kiran assalatu. Yaushe take sallamewa? Sai rana ta fito, yara sun fara shirin makaranta. Buta nawa alwala ɗaya ke ci? Uku, wani lokacin huɗu. Mijin ya ƙara da abin da ya fi kowane awo kaifi: kafin haihuwar nan jarka huɗu ke isar gidan a wuni, yanzu sai an ɗebo tara daga rijiyar burtsatse, kuma babbar 'yarsu mai shekara tara ce ke yawan jigilar, har ta fara fashin Islamiyya. Na rubuta waɗannan alƙaluma yadda suke, na ƙiyasta awa biyar zuwa shida a rana. Amfaninsu biyu ne. Suna nuna wa likitan can girman abin tun kafin ya buɗe baki, kuma bayan wata uku za a iya sake ƙirga jarkoki a san ko magani yana aiki. Akwai ma'aunin da ƙwararru ke amfani da shi, na Yale-Brown, mai tambayoyi goma da maki daga 0 zuwa 40, inda 24 zuwa 31 ke nuna mai tsanani. Ban cika shi ba, na bar wa masu shi, amma jarka da buta sun riƙe masa wuri.

Na kuma rubuta tun yaushe. Da na bi diddigi, ashe tun tana budurwa take maimaita niyya da kabbarar harama, 'yan gidansu suna ce mata mai tsantseni. Wannan layin yana da nauyi, domin ciwon waswasi yakan fara ne a ƙuruciya ko farkon balaga, ya lafa ya tashi, kuma ciki da jego suna daga cikin lokutan da yake tasowa. Da a ce mace mai shekara hamsin ce ta fara wannan rana tsaka ba tare da wani tarihi ba, da sai hankalin likita ya koma neman wata cuta a ƙwaƙwalwar kanta.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi kowanne wuyar rubutawa, wanda kuma saboda shi ne na ga dole in yi wannan bayani. A zuwa na uku na roƙi mijin ya ba mu wuri, na bar ma'aikaciyar jinya a ɗakin. Na ce mata, "Malama, masu irin wannan lalurar da yawa sukan ce wani mummunan tunani yana faɗo musu, wanda suke jin kunyar faɗa. Ke ma kina samun haka?" Ta daɗe tana kallon ƙasa tana murza bakin mayafi. Sannan ta ce, da murya ƙasa ƙasa, duk sanda take yanka kuɓewa yaron yana gefe, sai ta ga hoton wuƙar a wuyansa. Ta daina taɓa wuƙa, ta kai su ɗakin uwar mijinta da sunan kada yara su yi wasa da su. Ba ta bi ta gefen rijiya da goyo. Wata huɗu tana ɗauke da wannan ba ta gaya wa ko mahaifiyarta ba, don tana tsoron a ce ta haukace a raba ta da ɗanta. Ta yi kuka sosai ranar.

Idan na rubuta "tana tunanin yanka ɗanta" na yi shiru, na cuce ta. Duk wanda ya karanta zai ɗauka yaron yana cikin haɗari. Idan kuma na ɓoye don in rufa mata asiri, na hana likitan ƙwaƙwalwa ainihin ciwon, kuma ba lallai ta iya faɗa wa baƙon da ta haɗu da shi na minti goma ba. Saboda haka na rubuta shi cikakke: tunanin yana zuwa ba da sonta ba, tana ƙinsa, yana firgita ta, ta san daga ranta yake tasowa, ba wata murya take ji daga waje tana ba ta umarni ba, ba ta taɓa yunƙurin aikatawa ba, duk abin da take yi guje wa wuƙa ne da kare yaron, kuma yaron yana da ƙiba da tsafta, tana shayar da shi da kyau.

Waɗannan kalmomin su ne ke raba ciwon waswasi da taɓin hankalin da kan kama mai jego. A taɓin hankalin jego, wanda yawanci yake bayyana a makonnin farko bayan haihuwa, mace takan ruɗe, ta daina barci, ta ji muryoyi, ta yarda da gaske cewa jaririn ba nata ba ne ko an musanya shi, kuma ba ta ganin wani aibu a tunanin nata. Wannan ba a rubuta masa takardar mako biyu, a ranar ake ɗaukarta a kai ta, ba a barinta ita kaɗai da jariri. Mai waswasi kuwa tsoron tunanin ne ke cinye ta. Sanannen abu ne a wurin masu wannan fanni cewa irin wannan tunanin da mutum ke ƙyama ba ya nuna zai aikata. Raba ta da ɗanta ba zai kare kowa ba, sai dai ya tabbatar mata da abin da take tsoro, ciwon ya ƙara samun gindin zama.

Akwai wani tarko na harshe a nan da ya kamata likitan da ke aiki a ƙasar Hausa ya kula da shi. Da na tambaye ta daga ina tunanin yake zuwa, sai ta ce, "Shaiɗan ne yake raɗa mini." Wanda ya juya wannan zuwa Turanci kai tsaye zai rubuta cewa tana jin murya, kuma daga nan sai a ɗora ta a kan maganin taɓin hankali wanda ba nata ba. Kowane Musulmi yana jingina waswasi ga Shaiɗan, wannan magana ce ta addini da kowa ke yi. Abin da za a tambaya shi ne ko da kunnenta take ji, kamar yadda take jin maganata. Ta ce a'a, a zuci ne. Na rubuta kalmominta da Hausa yadda ta faɗe su, na bi su da wannan bayanin.

Haɗarin da ya fi damuna a kanta yake, ba a kan yaron ba. Mai waswasi da ya daɗe yakan faɗa ciwon damuwa, kuma a nan ne tunanin mutuwa ke shigowa. Na tambaye ta ƙarara ko ta taɓa tunanin halaka kanta. Tambayar ba ta cusa wa mutum abin da ba ya ransa, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Ta ce ba za ta taɓa ba saboda tsoron Allah da 'ya'yanta, amma takan ce da ma ta kwanta kada ta tashi. Ta rame, ba ta barci sosai, ta daina zuwa biki da suna. Na rubuta duk wannan, na kuma rubuta cewa gidan manoma ne kuma na sa mijin ya kwashe maganin feshi da na ɓera daga ɗaka ya kulle a wani wuri. A karkara wannan layin ba ado ba ne, domin abin da ke kusa da hannu a lokacin da rai ya ɓaci shi ne ke kashewa.

Daga nan sai magani. A nan ma "an ba ta magani bai yi aiki ba" magana ce da ke ɓatar da likita. Wane magani, nawa, na tsawon wane lokaci, kuma ta sha kuwa? Kafin ta zo wurina wani mai kemis ya ba ta amitiriftilin, miligiram 25 da dare, ta sha wata biyu. Yana sa barci, yana kuma maganin damuwa idan an kai adadinsa, amma ba ya daga cikin magungunan da ke aiki a kan waswasi. Ni na fara mata satralin, miligiram 50 da safe, na zaɓe shi a kan fuloksetin saboda tana shayarwa kuma kaɗan ne daga cikinsa ke shiga nono. Bayan mako huɗu na ƙara zuwa 100. Ta sha mako uku, maganin ya ƙare, babu shi a kemis ɗin garinsu, sai da aka yi kwana goma kafin mijin ya samu mai shiga birni ya sayo.

Wanda ya san ciwon, da ya karanta wannan zai gane cewa maganin bai gaza ba, ba a dai ba shi damarsa ba. Waswasi ya fi ciwon damuwa taurin kai. Yakan buƙaci adadi mai yawa, satralin har zuwa miligiram 200 a rana, kuma sai an yi mako takwas zuwa sha biyu ana sha ba fashi kafin a yanke hukunci ko ya yi ko bai yi ba. Idan ya yi, ana ci gaba aƙalla shekara guda. Da na rubuta "satralin bai yi mata ba", da wataƙila an tsallake shi an koma kulomifiramin, wanda yake da ƙarfi amma ya fi kawo bushewar baki da jiri da taurin bayan gida, kuma ya fi haɗari idan aka sha da yawa, ga mace da ke cewa da ma kada ta tashi. Kwana goman nan na fashi sai da na ja masa layi a ƙasa.

Na ƙara gajerun abubuwa: ba ta shan tiramadol, wanda haɗa shi da satralin ke da haɗari. Ba ta taɓa shiga yanayin rawar kai da rashin barci da yawan surutu na kwanaki ba, domin mai irin wannan tarihin maganin damuwa yana iya tayar masa da shi. Ba ta da sabon ciki, jininta bai hau ba, akwai ɗan ƙarancin jini da nake magancewa. Gwajin maƙoƙo ba mu da shi a wurinmu, na roƙi a yi mata a can, tunda ƙwayar maƙogwaro takan rikice bayan haihuwa ta kawo fargaba ko kasala. Na rubuta cewa ta sha rubutu, an yi mata ruƙiyya sau biyu. Na rubuta shi a matsayin tarihi, ba da sigar zargi ba, don iyalin sun yi abin da suka sani ne saboda ƙauna.

Akwai sakin layi guda a kan gida. Mijin mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa ya shiga cikin ciwon ba da saninsa ba. Takan tambaye shi sau ashirin a wuni, "Malam, ka tabbata ruwan nan bai fallatsa mini ba?" Shi kuma ya rantse mata bai fallatsa ba. Yana cire takalmi da wanke ƙafa a zaure don kada ta tashi wanke tsakar gida. Kowace amsa tana kwantar mata da hankali na minti biyar, tana kuma koya wa ƙwaƙwalwarta cewa ba za ta iya zama da kokwanto ba sai an tabbatar mata. Likitan ƙwaƙwalwa yana buƙatar sanin wannan saboda maganin da ya fi tasiri bayan ƙwaya, ko tare da ita, horo ne: a sa mutum ya fuskanci abin da yake tsoro kaɗan kaɗan, a hana shi aikin da ya saba yi, har tashin hankalin ya sauka da kansa. Misali ta yi alwala da buta ɗaya, kowace gaɓa sau uku, ta tashi ta yi salla ko da zuciyarta tana cewa ba ta yi ba. Wannan horon a gida ake yinsa, kuma idan mijin yana ci gaba da rantsuwa ba zai kama ba.

A nan addini yana tare da likita. Hadisi ingantacce ya ce wanda yake jin kamar alwalarsa ta karye a cikin salla kada ya fita sai ya ji ƙara ko wari. Malamanmu na Malikiyya kuma sun ware hukunci ga wanda kokwanto ya aure shi, cewa ya yi watsi da shi kada ya bi. Na rubuta cewa ta yarda limamin garinsu ya faɗa mata wannan hukuncin sau ɗaya, a gaban mijinta, da sharaɗin ba za ta riƙa komawa tana sake tambaya ba, domin yawan neman fatawa shi ma yakan zama wani wankin hannun.

Ƙarshen takardar roƙo ne, kuma na faɗe shi dalla dalla maimakon "a duba a yi abin da ya dace". Na nemi a tabbatar da sunan ciwon, a ba ni shawara ko in kai satralin 200 tana shayarwa, a haɗa ta da wanda zai koya musu horon ita da mijin, sannan a rubuto mini amsa a bayan takardar, domin tafiyar tana cin kuɗin mota na mutum biyu da wuni guda a lokacin girbi, ba za su iya zuwa duk wata ba, ni zan ci gaba da ganinta duk mako biyu. Na sa lambar wayata.

Kafin in rufe ambulan na karanta mata takardar da Hausa, mu biyu da ma'aikaciyar jinya. Da na zo maganar wuƙa ta ce, "Likita, Malam zai gani?" Na ce ba zai gani ba sai da izininta, kuma na manne bakin ambulan na ba ta a hannunta, ba a hannunsa ba. Ta sake tambaya ko za a ɗaure ta a can. Na ce mata sashen marasa lafiya na waje za ta je, a gan ta da safe ta dawo gida da yamma da ɗanta a bayanta. Na kuma gaya wa mijin alamun da idan ya gani kada ya jira ranar da aka sa musu: ta daina ci ko shayarwa, ta fara maganar mutuwa a fili, ko ta yi kwana biyu ba barci tana surutai.

Sun tafi ranar kasuwa, lokacin da mota ta fi samuwa. Takardar ta dawo bayan kwana tara da rubutu a bayanta: ciwon waswasi ne tare da damuwa, a ƙara satralin zuwa 150, bayan wata guda zuwa 200 idan jikinta ya ɗauka, a ci gaba da shayarwa ana lura da barcin yaron da cinsa, su koma bayan wata biyu. An koya wa mijin amsa guda da zai riƙa bayarwa: "Mun yi alkawari da likita ba zan amsa wannan ba." Ya ce mini makon farko ya fi komai wuya, tana kuka yana fita zaure ya zauna. A zuwansu na ƙarshe jarkoki sun sauko shida, Asuba tana ƙarewa kafin gari ya waye sosai, wuƙaƙen kuma har yanzu suna ɗakin uwar mijin, kuma su ne abin da za mu taɓa a wata mai zuwa.